Me Ya Sa Tiraka Ke Ƙara Wa Tafiya Nisa? Yadda Ake Tace Rikodin GPS Kafin A Lissafa Nisa Da Gudu

Tun da masu babura da adaidaita sahu suka fara maƙala wa ababen hawansu tiraka, wato na'urar GPS mai bin diddigin inda abin hawa yake, wata sabuwar gardama ta shigo tsakanin mai abin hawa da direbansa. Maigida zai buɗe waya ya ga an rubuta cewa keken ya yi tafiyar kilomita 21, har ma a wani wuri ya taɓa gudun kilomita 315 a awa. Direba zai rantse cewa bai wuce 18 ba, kuma mitar da ke jikin keken tana goyon bayansa. Kowa ya san adaidaita ba ta gudun 315, don haka a nan dariya ake yi. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, kuskuren da ya haifar da 315 ɗin shi ne dai ya kumbura jimillar nisan, ita kuwa jimillar ba wanda ke yi mata dariya, da ita ake yin hisabi. To, daga ina ƙarin yake fitowa, kuma ta yaya ake cire shi ba tare da an haɗa da tafiyar gaske ba?

## Abin da na'urar ke rubutawa

Na'urar GPS ba ta auna nisa. Abin da take yi shi ne, bayan kowane ɗan lokaci ta rubuta abu uku: latitud, longitud, da lokaci. Kowane irin wannan rubutu shi ne ɗigo ɗaya, jerin ɗigo-ɗigon kuma shi ne rikodin tafiya. A fayil ɗin GPX, wanda yawancin wayoyi da na'urori ke iya fitarwa, ɗigo ɗaya haka yake:

```xml
<trkpt lat="12.00072" lon="8.52000">
  <time>2024-03-04T07:00:10Z</time>
  <hdop>1.2</hdop>
</trkpt>
```

Harafin Z na ƙarshen lokacin yana nufin agogon duniya na UTC ne, Nijeriya da Nijar kuma suna gaba da shi da awa ɗaya. Ke nan ƙarfe 7 da aka rubuta nan ƙarfe 8 na safe ne a Kano, kada a zargi direba da fitar asuba.

Nisa kuwa daga baya ake ƙirƙiro shi. Manhaja ce ke jan miƙaƙƙen layi daga kowane ɗigo zuwa na gabansa, ta auna layukan ta tara. Duk ɗigon da ya sauka inda bai kamata ba, layi biyu zai lalata: na zuwa wurinsa da na dawowa.

Yana da kyau mutum ya riƙe girman lambobin nan a kansa. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111.2 ne a ko'ina a duniya, don haka 0.00001 na digiri mita 1.11 ne. Digirin longitud kuwa yana tsukewa yayin da ake nisantar tsakiyar duniya. A daidai Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa, ya kai kusan kilomita 108.8.

## Daga ina tsallen ke zuwa

Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi ne a nisan kusan kilomita 20,200 daga doron ƙasa. Na'ura na auna tsawon lokacin da saƙon kowannensu ya ɗauka kafin ya iso, kuma tana bukatar aƙalla huɗu kafin ta fitar da wuri. Tunda saƙon da gudun haske yake tafiya, kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa yana zama kuskuren mita 300. A fili, inda sama take buɗe, waya ta kan kama wuri da saɓanin kusan mita biyar. Amma a tsakanin dogayen gine-gine, ko ƙarƙashin gadar sama, ko cikin rumfunan kwano na kasuwa, saƙon kan bugi bango ya dawo kafin ya iso, sai ya yi tafiyar da ta fi ta gaskiya tsawo, na'urar kuma ta ɗauka wurin ya matsa.

Manyan tsalle-tsallen, masu ɗaruruwan mita, galibi wani abin ne ke jawo su. Idan taurarin suka ɓace wa waya ko tiraka, da yawansu kan koma ƙiyasta wuri daga eriyar kamfanin sadarwa mafi kusa, su rubuta wannan ƙiyasin a cikin jerin kamar kowane ɗigo. Haka nan a daƙiƙun farko bayan an kunna na'ura, kafin ta gama kama taurari, wurin da take bayarwa ba abin dogaro ba ne. A taswira, irin wannan ɗigo na fitowa kamar tsinin ƙaya: layi ya bar titi ya harba gefe, ya dawo nan take.

## Misali da lambobi

Ga wani ɗan rikodi da na tsara don mu yi aiki da shi. Keke ne ke tafiya arewa a miƙaƙƙen titi, na'ura na rubutu duk bayan daƙiƙa biyar.

```
1  08:00:00  12.00000  8.52000
2  08:00:05  12.00036  8.52000
3  08:00:10  12.00072  8.52000
4  08:00:15  12.00108  8.52400
5  08:00:20  12.00144  8.52000
6  08:00:25  12.00180  8.52000
7  08:00:30  12.00216  8.52000
```

Daga kowane ɗigo zuwa na gaba, latitud na ƙaruwa da 0.00036, wato mita 40. Mita 40 a daƙiƙa biyar mita 8 ne a daƙiƙa. Idan aka ninka da 3.6 sai ya koma kilomita 28.8 a awa, gudun da ba wanda zai yi mamakinsa.

Duba ɗigo na huɗu. Longitud ɗinsa ya ƙaru da 0.004, wanda a wannan yanki mita 435 ne zuwa gabas. Daga na uku zuwa na huɗu sai layin ya zama mita 437, a daƙiƙa biyar kacal, wato mita 87 a daƙiƙa, kusan kilomita 315 a awa. Dawowa zuwa na biyar ma wasu 437 ne. Idan aka tara komai ba tare da tacewa ba, za a samu mita 1,034 a daƙiƙa 30, matsakaicin gudu kilomita 124 a awa. Tafiyar gaske mita 240 ce. Ɗigo ɗaya tak ya ƙara kusan mita 794.

Lissafin da aka fi amfani da shi wajen auna tazarar wurare biyu a doron ƙasa shi ne wanda ake kira `haversine`. Yana ɗaukar duniya a matsayin ƙwallo mai kilomita 6,371 daga tsakiya zuwa baya. Duniya ba cikakkiyar ƙwallo ba ce, shi ya sa kuskurensa na iya kaiwa rabin kashi ɗaya cikin ɗari, amma wannan ba komai ba ne idan aka kwatanta da ɓarnar ɗigo ɗaya marar kyau. A harshen shirya manhaja na Python haka ake rubuta shi, yana bayar da amsa a mita:

```python
from math import radians, sin, cos, asin, sqrt

def nisa(a, b):
    p1, p2 = radians(a.lat), radians(b.lat)
    dp, dl = p2 - p1, radians(b.lon - a.lon)
    h = sin(dp/2)**2 + cos(p1)*cos(p2)*sin(dl/2)**2
    return 2 * 6371000 * asin(sqrt(h))
```

## Da wane ɗigo za a gwada?

Ana gane tsalle ne da gudun da yake bukata. Idan isa wani ɗigo na bukatar gudun da abin hawan ba zai iya ba, ɗigon ƙarya ne. Sai dai akwai hanyoyi biyu na yin kuskure a nan, kuma duka biyun suna da saurin faɗawa.

Na farko shi ne gwada kowane ɗigo da wanda ya gabace shi a ɗanyen jerin. A misalinmu, na huɗu zai faɗi, daidai ne. Amma na biyar ma zai faɗi, domin daga na huɗu zuwa gare shi 315 ne, alhali shi ba shi da laifi. A miƙaƙƙen titi asarar ba ta da yawa. Idan kuwa na biyar ɗin a kan kwana yake, an yanke kwanar ke nan.

Na biyu ya fi muni: a zubar da layukan biyu masu tsawo daga jimilla, a manta da haɗa na uku da na biyar. Sai a samu mita 160 maimakon 240, lokaci kuma yana nan a daƙiƙa 30, gudu ya faɗo zuwa kilomita 19.2 a awa. An gudu daga ƙari an faɗa ragi.

Hanyar da ta dace ita ce a riƙe ɗigon ƙarshe da aka yarda da shi, a riƙa gwada kowane sabo da shi. Na huɗu ya faɗi, sai a ajiye shi gefe. Na biyar sai a gwada shi da na uku: mita 80 a daƙiƙa 10, mita 8 a daƙiƙa, ya wuce lafiya. Jimilla ta dawo mita 240, gudu 28.8.

```python
def tace(jeri, iyaka=25):
    nagari = [jeri[0]]
    for d in jeri[1:]:
        dt = d.t - nagari[-1].t
        if dt > 0 and nisa(nagari[-1], d) / dt <= iyaka:
            nagari.append(d)
    return nagari
```

A nan `t` lokaci ne a daƙiƙa, kuma dole a fara jera ɗigo-ɗigon bisa lokaci, domin tirakar da ta rasa hanyar sadarwa ta kan turo tsofaffin bayanai daga baya. Sharaɗin `dt > 0` yana kawar da ɗigo biyu masu lokaci ɗaya, waɗanda da sun sa an raba da sifili.

Iyakar da na sa, mita 25 a daƙiƙa, kilomita 90 ce a awa. Da gangan na ɗaga ta sama da abin da keke ke yi. Idan maigida ya sa iyakar a 60 don shi ne gudun da ya yarda direba ya yi, to ranar da direban ya yi 70 na gaske, tacewar za ta goge shaidar da hannunta. Iyakar tacewa ana ɗaukar ta ne daga abin da injin ba zai iya ba. Ga mai tafiya a ƙasa za a sauke ta sosai, ga motar da ke bin hanyar Kano zuwa Kaduna kuma a ɗaga.

## Inda wannan dabarar ke tuntuɓe

Layin `nagari = [jeri[0]]` da ke cikin `tace` ya yarda da ɗigon farko ba tare da tambaya ba, kuma shi ne ɗigon da ya fi kowanne yiwuwar zama gurɓatacce. A ce ya sauka kilomita biyu daga wurin gaske. Duk ɗigon kirki da ya biyo baya za a gan shi da nisan mita 2,000, a kore shi. Haka za a yi ta kora har kusan daƙiƙa 80 su wuce, lokacin da 2,000 a raba da 80 ya sauko 25. A nan sai a karɓi ɗigon, tare da layin ƙarya na kilomita biyu. An zubar da gaskiya, an kuma shigar da ƙaryar. Alamar wannan ita ce ka ga an kori ɗigo masu yawa a jere tun daga farkon fayil. Maganinsa, kada a fara ƙirge sai an samu ɗigo uku ko huɗu a jere da suka yarda da juna.

Irin wannan na faruwa idan kuskuren ya daɗe. Da ɗigon da ya kauce mita 435 ya zauna a can fiye da daƙiƙa 18 ko makamancin haka, gudun da ake bukata don isa gare shi zai sauko ƙasa da iyaka, a karɓe shi, daga nan kuma ɗigo-ɗigon kirki su zama su ne abin zargi. Shi ya sa ake ƙara duba na gaba: idan jerin ya tafi gefe sannan ya dawo daidai kan layin da ya bari, to gefen ne ƙarya.

Akwai kuma matsalar tazarar lokaci, wadda ta fi shafar tirakoki masu tsimin data. Da na'urar duk bayan minti ɗaya take rubutu, keken zai yi mita 480 tsakanin ɗigo da ɗigo. Tsallen nan na mita 435 zai mayar da layin mita 648, wato kusan kilomita 39 a awa. Babu iyakar gudun da za ta kama wannan, kuma a gaskiya babu yadda za a bambanta shi da direban da ya ratse ya sauke fasinja a lungu. A nan sai a koma ga abin da na'urar ta faɗa game da kanta. Lambar `hdop` tana nuna yadda taurarin suka bazu a sama: kusa da 1 yana da kyau, idan ta haura 5 a yi hattara. Wayoyin Android kan rubuta ƙiyasin kuskure a mita ga kowane ɗigo, kuma wanda aka samo daga eriyar sadarwa za ka ga nasa ya kai ɗaruruwa ko fiye. A ganina da wannan ya kamata a fara tacewa duk inda fayil ke ɗauke da shi, gwajin gudu ya biyo baya.

## Ƙarin da ba ya fitowa a taswira

An cire tsalle, amma ba a gama ba. Keken da ke tsaye a bakin kasuwa yana jiran fasinja, ɗigonsa ba ya tsayawa. Yana ta rawa, mita ɗaya nan, uku can. Tsayuwar minti 20 da rubutu duk daƙiƙa biyar layi 240 ne. Idan kowanne ya kai mita biyu, an yi wa keken tafiyar mita 480 yana nan inda yake. Gwajin gudu ba zai ga komai ba, domin mita biyu a daƙiƙa biyar ba gudu ba ne. Kuma wannan rawar ba ta soke kanta, domin tsawon layi ba ya zama ƙasa da sifili, ko gabas aka karkata ko yamma ƙari ne.

Ana maganinta da turke: a riƙe ɗigo ɗaya, kada a ƙirga komai sai an nisance shi da kamar mita 10, sannan a ƙirga wannan tazarar a matsar da turken. Idan fayil na ɗauke da gudun da na'urar ta auna da kanta daga sauyin amon saƙon taurari, wannan ya fi gudun da ake fitarwa daga ɗigo biyu nutsuwa, kuma duk inda ya yi ƙasa da kamar rabin mita a daƙiƙa ana iya ɗaukar cewa a tsaye ake.

Rawar nan ta fi cutar mai tafiya a hankali. Mai tafiya a ƙasa na yin kusan mita 1.4 a daƙiƙa. Idan ana rubutu kowace daƙiƙa, ɗigo kuma ya karkace gefe da mita ɗaya, layin ya zama 1.72, ƙarin kashi 23 cikin ɗari. A keken da ke yin mita 40 tsakanin ɗigo biyu, karkacewar mita uku ba ta ƙara ko rabin kashi ɗaya. Sai dai rage yawan ɗigo ma yana da nasa farashin. Wanda ya yi mita 240 gabas ya juya arewa ya yi wasu 240, idan ba a rubuta kwanar ba za a ba shi mita 339 maimakon 480. Rikodi mai yawan ɗigo yana ƙara nisa, mai ƙarancin ɗigo yana ragewa.

## Matsakaicin gudu: wanne daga ciki?

Matsakaicin gudu jimillar nisa ce a raba da jimillar lokaci. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a tara gudun kowane layi a raba da yawan layukan. Ɗauki layi biyu masu mita 100 kowanne, na farko an yi shi a daƙiƙa 10, na biyu a cunkoso a daƙiƙa 50. Gudunsu 10 da 2 ne, matsakaicin lambobin biyu 6. Amma mita 200 a daƙiƙa 60 mita 3.3 ne a daƙiƙa. Bayan tacewa wannan kuskuren na ƙara girma, tunda cire ɗigo na sa tazarar lokaci ta daina zama iri ɗaya.

Mu koma kan gardamar farko da lambobin misali. A ce fitar awa ɗaya ce cif, minti 20 a ciki tsayuwa ne, ɗanyen rikodi kuma ya ce kilomita 20.9. An samu tsalle uku irin na sama, kowanne da mita 794, jimilla kilomita 2.4. Cire su ya bar 18.5. Cire rawar tsayuwa ta mita 480 ya bar 18.0, wato ɗanyen ya yi ƙarin kusan kashi 16 cikin ɗari. Yanzu akwai amsa biyu, kuma duka gaskiya ne: kilomita 18 a awa idan an ƙirga har da tsayuwa, kilomita 27 a awa idan minti 40 na tafiya kawai aka ɗauka. Ta farko ita ke faɗa wa mai aika kaya tsawon lokacin da saƙo zai ɗauka. Ta biyu ita ke nuna yadda direba ke tuƙi. Rahoton da bai faɗi wacce ya bayar ba, gardama zai ƙara.

Sai giɓi. Idan na'ura ta yi shiru na minti goma sannan ta farfaɗo a wani wuri, miƙaƙƙen layin da ya haɗa su shi ne mafi ƙarancin abin da aka yi, ba a san hanyar da aka bi ba. Ko dai a ƙirga nisan da lokacin duka biyu, ko a cire duka biyu, a kuma rubuta a fili cewa akwai giɓi.

## Masu cewa kada a taɓa rikodi

Akwai masu ganin cewa tace bayanai wata kafa ce ta maguɗi: wanda ke da ikon goge ɗigo yana da ikon goge ratsen da ba a so a gani. Suna da hujja, musamman inda ake biyan kuɗi bisa kilomita ko ake lissafin mai da ita. A ɗaya ɓangaren, ɗanyen rikodi ma ba ɗan ba-ruwanmu ba ne. Idan ana biyan direba bisa nisa, ƙarin kashi 16 daga aljihun maigida zai fita. Idan kuma ana cajin direban ne bisa nisa ko ana tuhumarsa da yawo, daga nasa.

Abin da ke raba gardamar shi ne a ajiye ɗanyen fayil yadda yake, a yi aiki a kan kwafi, a amince da iyakar gudu da ta turke tun kafin a ga sakamako, rahoto kuma ya nuna ɗigo nawa aka cire da lokacin kowanne. A misalinmu uku ne cikin kusan 720, kuma kowa na iya buɗe taswira ya ga ukun. Idan tacewa ta kori ɗigo ɗaya cikin goma, to a daina lissafi a je a duba inda aka ɗaure na'urar, domin tirakar da aka cusa ƙarƙashin ƙarfe don ɓoye ta daga ɓarayi ba ta ganin sama sosai. Daga nan a gwada sakamakon da mitar keken a kan hanyar da aka san tsawonta, ana tunawa cewa ita ma mitar tana bin girman taya da iskar da ke ciki.